Gabatarwar Mumuni

A shekarun ƙarshe na mulkin Faransa a Togo, an buɗe wani ɗan aji a Sokodé domin koya wa ma'aikatan asibiti aikin ɗakin gwaji. Ba yara ake ɗauka ba. Magidanta ne waɗanda suka riga suka sha wankin gyambo da ɗaurin bandeji a garuruwansu, kowane gari ya turo mutum ɗaya. Karatun shekara biyu ne, amma wanda ya faɗi jarrabawar ƙarshen shekarar farko ba ya maimaitawa. Gida zai koma, a ci gaba da kiransa ya zo ya kwashe kwano.

Daga Dapaong, Mumuni aka turo. Majo ɗin asibitinsu, wato babban ma'aikacin jinya, shi ya tsaya masa. Ya bar matarsa Azara a ɗakin uwarsa da goyo a baya, ya ce mata ta yi haƙuri, in ya dawo da takardar shekara biyu sun rabu da wahala. Ita kuwa ta yarda da shi ɗari bisa ɗari, abin da ya fi komai nauyi a kansa ke nan.

A unguwar Didaouré ta Sokodé ya sauka, gidan kawunsa Malam Wahabu. Tsohon ɗan kasuwar goro ne da ya ajiye fatauci ya rungumi littattafai, kuma a gabansa Mumuni ya yi karatun addini yana yaro kafin a sa shi lakwal, wato makarantar boko. Malam Wahabu yana da al'ada ɗaya da ba ya sassautawa. Ba a buɗe littafi haka kawai a faɗa cikinsa. Sai an faɗi ma'anar ilmin, da abin da yake magana a kai, da wanda ya fara shi, da amfaninsa, da hannun da ya bi har ya iso gare ka. Wannan ita ce muƙaddima a wurinsa, kuma wanda ya tsallake ta, in ji shi, marar tarbiyya ne.

Malamin kimiyyar haɗa sinadarai kuwa wani dogon mutum ne daga can ƙasar Senegal, mai haɗa magunguna, ana ce masa Musye Mamadu. Ba ya jin Hausa, ba ya jin Tem, yaren mutanen Sokodé, Faransanci kawai. Ba mugu ba ne, amma Allah bai ba shi taushin baki ba. Duk gwajin da aka yi a ajinsa sai an rubuta rahotonsa: gabatarwa, kayan aiki, yadda aka yi, alƙaluman da aka samu, lissafi, sannan kammalawa.

Gwajin da suka fi yi shi ne auna ƙarfin asid. Akan ɗebi asid da ma'auni a zuba a ƙaramar kwalba, a ɗiga masa wani ruwan alama da ake kira fenolftaliyin, wanda ba shi da launi a cikin asid. Sai a cika biret da ruwan soda wanda aka san ƙarfinsa. Biret ɗin dogon bututun gilashi ne mai zane-zanen awo, da ɗan famfo a ƙasa. Ana sakin soda a hankali ana juya kwalbar, har ruwan ya yi ɗan jaja-jaja mai haske wanda ba ya gushewa. Nan ake tsayawa a karanta yawan sodar da ta shiga, daga nan a lissafa ƙarfin asid ɗin.

A wannan aikin babu mai hannun Mumuni. Shekarun da ya yi yana ɗiga magani a idon yara sun koya wa yatsunsa haƙuri. Yayin da wasu ke sakin famfo ruwa ya koma ja wur kamar zoɓo, shi yakan tsaya a kan ɗigo ɗaya. Matsalarsa takan fara ne in ya ɗauki alƙalami.

Rahotonsa na farko, gabatarwa kaɗai ta ci shafi tara. Ya fara da ma'anar kimiyyar sinadarai. Ya kawo yadda magabata suke gane asid da tsami a harshe, ya bi ta kan masanan da suka yi ta gardama a kan abin da ke sa abu ya zama asid, ya yi bayanin yadda ake yin soda, har da amfaninta wajen sabulu. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba, duk daga littattafan ajin ya tsamo su. Da yamma ya zauna a zaure ya fassara wa kawunsa, tsohon yana gyaɗa kai.

"Madalla," in ji Malam Wahabu. "Ashe Nasara ma suna da isnadi. Ka ga, ɗana, yanzu ka shiga ilmin ta ƙofarsa. Allah ya yi maka albarka."

Musye Mamadu ya maido da rahoton da jan alƙalami tun daga shafin farko har na takwas. Ya kira Mumuni gaban tebur ya ce masa: "Ba littafi na ce ka rubuta ba. Gabatarwa aikinta ɗaya ne, ta ba mai karatu abin da zai buƙata don ya fahimci gwajin da ke gabansa. Me kake nema? Wane sinadari ne ke haɗuwa da wane, kuma nawa ke cinye nawa? Me ya sa ka zaɓi wannan ruwan alama? Da wace ƙa'ida za ka yi lissafi? Shi ke nan. Duk sakin layin da za ka rufe da tafin hannu lissafinka bai girgiza ba, cire shi."

Magana ce mai kyau, kuma cikakkiya. Amma Mumuni yana tsaye ne yana kallon jan tawadar, kunnuwansa sun yi zafi. Cikin duk abin da aka faɗa, "cire shi" kawai ya shige shi, shi ma bai yarda ba.

Ya rage zuwa shafi shida, sannan biyar. Duk abin da ya yanke sai ya ji kamar ya ci amanar wani. Kawunsa kuma ba ya taimakawa. In Mumuni ya karanta masa sabon rahoto sai ya ce, "Ina mutumin nan da ya fara gane abin? Jiya yana nan, yau ka kore shi? Me ya yi maka?" Sai Mumuni ya koma ɗaki ya maido da shi.

Abokin teburinsa a ajin wani Batem ne mai suna Alasani, ɗan Sokodé, mai Hausar kasuwa da yawan dariya. Gabatarwarsa ba ta taɓa kai rabin shafi ba, kuma kullum makinsa yana gaban na Mumuni, alhali kuwa rabin alƙalumansa Mumuni ne ke gyara masa riƙon famfo kafin a same su.

"Kai Mumuni," in ji shi wata rana suna cin wake da shinkafa a bakin hanya, "matanka ya san kana rubuta waƙa a nan? Musye ya tambaye ka hanyan kasuwa, kai ka fara masa daga Annabi Adamu."

Mumuni ya yi dariyar yaƙe.

Abin da ya karya shi ya faru ne bayan hutun tsakiyar shekara. Ranar sun auna ruwan binigar, ruwan tsamin nan da ake zubawa a abinci, Mumuni ya kawo gabatarwa mai shafi huɗu wadda ta fara da yadda giya ke tsami. Musye Mamadu ya gaji. Ya miƙe a gaban aji ya fara karanta ta da ƙarfi, da muryar mai huɗuba, yana ɗaga hannu sama. Aji ya ɓarke da dariya. Wani daga baya ya ce "Amin!" Daga ranar sunan Mumuni ya koma Liman. Ni dai ban ga amfanin abin da malamin ya yi ba. Mutumin da ya bar mace da jariri a nesa ya zo neman ilmi, ba a koya masa da dariyar jama'a. Musye Mamadu yana da gaskiya a kan gabatarwa, amma ranar ya yi ɓarna.

Mumuni ya koma gida bai ci abinci ba. Da kawunsa ya aiko a kira shi zaure ya zo ya karanta rahoton, sai ya fito ya tsaya a bakin ƙofa.

"Kawu, daga yau ba na ƙara karanta maka."

"Subhanallahi. Me ya faru?"

"Muƙaddimarka ta mai da ni abin dariya. Wannan ba karatun zaure ba ne. Ba ka san shi ba, ka bar ni da shi."

Tsohon ya dube shi. Sannan ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ya jawo littafinsa ya buɗe. Bai sake tambayarsa komai game da lakwal ba. Suna gaisawa safe da yamma, abinci yana zuwa ɗakin Mumuni kamar kullum, amma zauren ya yi masa nisa.

Washegari Mumuni ya ari rahoton Alasani. Da ya zauna ya karanta shi da kyau, da ya ga abin da ke ciki: manufa a jimla ɗaya, sai ekwasiyon, wato layin nan na haruffa da lambobi da ke nuna nawa na wannan sinadari ke cinye nawa na wancan, sai dalilin ruwan alama, sai ƙa'idar lissafi. Amma zuciya ba ta bar shi ya karanta ba. Yatsunsa ya ɗora a kan gabatarwar ya auna tsawonta, ya rantse a ransa tasa ba za ta ƙara kai haka ba.

Daga nan gabatarwar Mumuni ta zama jimla guda: "Manufar wannan gwaji ita ce auna ƙarfin asid da soda." Babu ekwasiyon, babu komai. Duk abin da ya yi kama da bayani ya zama abin ƙyama a wurinsa. Lissafi kuwa ya haddace shi kamar karatun allo: ƙarfin soda sau yawanta, a raba da yawan asid.

Kuma abin takaicin, lissafin yana fita daidai. Asid ɗin da suke ta aunawa, irin na gishiri da na binigar, duk kashi ɗaya nasu kashi ɗaya na soda yake cinyewa, don haka haddar tana aiki ko ba a rubuta dalilinta ba. Musye Mamadu yakan rubuta a gefe da ja, "Ina ekwasiyon?" ya cire ɗan maki. Sau ɗaya ma ya tsayar da shi a ƙofa ya ce, "Na ce ka rage kaya, ban ce ka zubar da su duka ba. Layin nan shi ne ƙashin bayan rahoton." Mumuni ya ce "To, Musye," ya wuce. A ransa cewa ya yi mutumin nan ba a iya masa: ka yi da yawa ya yi maka dariya, ka yi kaɗan ya yi ƙorafi. Makinsa dai ya ɗan hau, ajin kuma sun fara mantawa da Liman, sai ya ɗauka ya gano hanya.

Jarrabawar ƙarshen shekara ta zo da farkon damina. Ta rubutu Mumuni ya tsallake da ƙyar, saboda haka komai ya rataya a kan ta gwaji. An sanar da su tun da wuri cewa wanda amsarsa ta kauce wa gaskiya da nisa ya faɗi, komai kyan aikin hannunsa, domin a asibiti da lambar da ka bayar ake haɗa abin da mutum zai sha.

Kowa ya tarar da kwalba a teburinsa da takarda manne a jiki. An rubuta sunan abin da ke ciki ƙarara: asid silfirik, wanda direbobin kamiyo, wato manyan motocin kaya, ke kira ruwan batir, an tsarma shi da ruwa. Ba a ɓoye komai ba. Sun karanta shi a aji, Mumuni ma ya san shi sarai.

Ya wanke biret, ya ɗauraye shi da sodar, ya cika, ya fitar da kumfar iskar da ta maƙale a bakin famfo. Ya yi gwajin farko don ya san inda launin zai juya, sannan ya maimaita a hankali. Alƙalumansa suka zo kusan iri ɗaya, launin kuwa ɗan ja mai haske kamar yadda ake so. Musye Mamadu ya zo wucewa, ya leƙa kwalbar, ya ɗan gyaɗa kai. Mumuni ya gani, ya ji sanyi a ransa.

Ya zauna rubutu. Ya rubuta jimlarsa guda ta gabatarwa. Alƙalamin ya ɗan tsaya a ƙarƙashinta, don tsohuwar ɗabi'a ta motsa, hannunsa yana son ya faɗi ko mene ne wannan asid da yadda yake haɗuwa da soda. Sai ya tuna muryar huɗubar nan da "Amin" ɗin da aka yi daga baya. Ya ja layi ya wuce. Ya yi lissafinsa na hadda, ya rubuta amsa da kyakkyawan rubutu, ya riga kowa miƙa takarda.

A waje, ƙarƙashin mangwaro, Alasani ya fito yana share gumi.

"Liman, nawa ka samu?"

Mumuni ya faɗa masa. Alasani ya daina murmushi.

"Ka raba biyu?"

"Wane biyu?"

"Ruwan batir fa. Ɗaya nashi yana cin soda biyu. Ba ka rubuta ekwasiyon ba? In ka rubuta, biyun yana nan zaune gaban soda yana kallonka."

Mumuni ya riga ya gani. Layin ya fito masa a ka tsaf, da lambar biyun a wurinta, abin da ya sani tun watannin farko. Amsarsa ta ninka gaskiya sau biyu cif. Ya nemi saiwar mangwaron ya zauna.

Da sakamako ya fito, sunansa ba ya cikin masu wucewa. Ya je ya sami Musye Mamadu a ɗakin gwaji yana jera kwalabe. Bai je roƙo ba, shi kansa bai san abin da ya kai shi ba. Malamin ya ajiye abin da ke hannunsa, kuma a karon farko ya yi magana a hankali.

"Alƙalumanka sun fi na kowa kyau a ajin nan. Na kai maganarka gaban likitan da ke shugabantar jarrabawa, ya ce amsa ninki biyu ba ta wucewa, kuma ba zan ce ya yi kuskure ba." Ya ƙara da cewa, "Da ka kawo mini shafukanka tara na da, da na yi faɗa, na cire maka maki kaɗan, ka wuce. Layin yana ciki, da ka gan shi."

"Kai ka ce in cire, Musye."

"Na ce ka cire abin da lissafi ba ya buƙata."

"Haka ka ce," in ji Mumuni. Gaskiya ce, kuma ita ta fi ciwo.

Ranar tafiya ya shiga zaure yin sallama. Ya durƙusa ya ce, "Kawu, ban ci ba. Ka yafe mini maganar da na faɗa maka." Malam Wahabu ya ce ya yafe tun ranar. Bai tambayi dalilin faɗuwar ba, Mumuni kuma ya gode wa Allah da bai tambaya ba, don bai san yadda zai gaya wa tsohon cewa ba muƙaddima ce ta kayar da shi ba, rashinta ne. Tsohon ya sa aka ɗaure masa doya da ɗan goro ya kai wa uwarsa, ya raka shi har bakin titi, abin da bai saba yi wa kowa ba.

Kamiyon ya bi hanyar arewa cikin laka, ya tsaya a Mango ana jiran a haye kogi, ya sake tashi. Duk tsawon hanyar Mumuni yana zaune a kan buhunan gishiri yana shirya abin da zai gaya wa Azara. Ya ga dole ya fara da yadda karatun yake, da halin Musye Mamadu, da zauren kawu, da ranar da aka yi masa dariya, sannan ya yi mata bayanin asid da soda, don ta gane cewa ba wasa ya je yi ba, ba kuma jahilci ne ya kayar da shi ba. Ya tsara maganar, ya rushe, ya sake tsarawa.

Ya isa Dapaong da la'asar. Azara tana tsakar gida tana tankaɗe, yaron da ya bari a goye yana tafiya da ƙafarsa yana riƙe da zanenta. Ta miƙe da sauri, fuskarta ta washe, ta karɓi kayan, ta kawo ruwa. Ta rame, hannayenta sun yi kaushi. Yaron ya ɓuya a bayanta yana leƙen baƙon.

Sai da ya sha ruwan ta durƙusa a gefensa ta ce, "Maigida, hutun kwana nawa suka ba ku? Na ce wa Inna kafin ka koma sai an yi maka dakan yaji mai yawa, wancan bai kai ka ko'ina ba."

Mumuni ya buɗe baki. Duk abin da ya shirya a hanya ya zo masa lokaci guda, ya rasa wanda zai fara fitarwa.

"Ba zan koma ba," ya ce.

Ta dube shi. Ta dubi akwatin, wanda da hutu ne da bai taho da shi ba. Ba ta tambaye shi dalili ba. Ta miƙe a hankali ta koma wurin tankaɗenta, ta juya masa baya, ta ɗauki rariyar. Ya daɗe yana kallon kafaɗunta suna rawa, rariyar kuwa ba ta motsi.